Fargabar Yammacin Lahadi: Rarrabe Ta Kafin Magariba

Jawabin da aka gabatar a zaman malamai na reshenmu a Nassarawa GRA, Kano



Abin da za mu tattauna a yau shi ne zullumin da ke sauko wa wasu daga cikinmu ranar Lahadi bayan La'asar, idan suka tuna gobe Litinin. Ba ƙyuyar aiki muke nufi ba. Muna magana ne a kan malamin da ke son ajinsa, amma wurin aikin ya zame masa gidan ƙunci: shugaba mai tsawa a gaban ɗalibai, takardar tuhuma a kan abin da bai kai ya kawo ba, tsegumi a ɗakin malamai, barazanar yanke albashi ko sauyin wurin aiki. Irin wannan malami Lahadinsa rabi ce. Da yawanmu muna koyarwa a nan Nassarawa, amma muna kwana a Brigade ko Gama ko Kawo ko Hotoro, sai lissafin adaidaita sahun safe ya haɗu da lissafin fuskar da za a tarar, tuwon dare ya ƙi shiga. 'Yan uwanmu na Islamiyya da ke hutun Alhamis da Juma'a sun san wannan faɗuwar gaba, sai dai tasu da yammacin Juma'a take zuwa. Wannan ya nuna mana cewa laifin ba na ranar ba ne, na abin da ke jiranmu bayanta ne.

Mu fara da sanin abin da ke faruwa a jiki. Jikin ɗan Adam ba ya rarrabe haɗarin da ya iso da wanda ake hasashe. Idan zuciya ta zana hoton ofishin shugaba, jiki sai ya saki sinadaran shirin faɗa ko gudu: bugun zuciya ya ƙaru, wuya da kafaɗu su ɗaure, ciki ya juya, barci ya ƙaurace. Tun 1979 wani masani mai suna Robert Karasek ya bayyana cewa aikin da ya fi cin rai shi ne wanda nauyinsa ke da yawa, alhali mai yin sa ba shi da ta cewa a kan yadda za a yi shi. Malamin da aka ɗora wa aji mai cunkoso, kuma ba a jin maganarsa, yana tsakiyar wannan hali. Saboda haka wanda ya ji gabansa na faɗuwa ranar Lahadi kada ya ɗauka raunin zuciya ne ko ƙarancin haƙuri.

Abu guda da muke so kowa ya tafi da shi gida shi ne wannan: fargabar Lahadi dunƙule take zuwa, amma a cikinta akwai abubuwa uku daban-daban, kuma kowanne da nasa magani. Akwai aikin da bai ƙare ba. Akwai mutumin da ake tsoron haɗuwa da shi. Akwai kuma zaluncin da mutum ɗaya ba zai iya kawar da shi ba. Muddin suna cakuɗe, zuciya za ta yi ta juya su har tsakar dare ba tare da ta warware ko ɗaya ba. Aikinmu shi ne mu rarrabe su a kan takarda, a lokacin da muka zaɓa, tun rana ba ta faɗi ba.

Ga yadda ake yi. A keɓe minti 20 bayan La'asar, a zauna a wurin da ba nan ake kwana ba, kamar zaure ko tsakar gida. A ɗauki takarda a raba ta gida uku. Wannan dabara ta keɓe wa damuwa lokacinta ta fito ne daga aikin masanin halayyar ɗan Adam Thomas Borkovec da abokan aikinsa a 1983, kuma hikimarta ita ce idan tunanin ya dawo da dare, mutum yana da amsar ba shi: an riga an rubuta ka, lokacinka ya wuce. Ana so a gama kafin Magariba, domin tunanin da aka fara a kan katifa ba ya da iyaka.

Mu ɗauki misalin wata malama mai koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, mu bi takardarta. A gida na farko ta rubuta aikin da ke wuyanta: littattafan ɗalibai 60 da ba ta duba ba, da shirin darasin mako da za a miƙa ranar Litinin. A nan ba a rubuta "in gama komai", sai a rubuta adadi da lokaci. Ta ƙiyasta cewa kowane littafi zai ci minti biyu, wato awa biyu ke nan gaba ɗaya. Sai ta yanke: shirin darasi yau, minti 40, domin shi ake tambaya da safe, littattafai 20 ranar Litinin a lokacin da ba ta da aji, sauran Talata da Laraba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Baylor ta Amurka, aka wallafa a 2018, ya gano cewa waɗanda suka ɗauki minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kimanin minti tara. Abin da aka ajiye a takarda, ƙwaƙwalwa ba ta ƙara tsaron sa.

A gida na biyu ta rubuta mutumin: shugaban da ya saba yi mata faɗa a gaban ɗalibai bayan taron safe. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kwana ana shirya doguwar muhawara, ana cewa idan ya ce kaza zan ce kaza. Wannan ba shiri ba ne, shan wuyar gobe ne tun yau. Abin da ake buƙata jimla ɗaya ce da mataki ɗaya. Ta rubuta: idan ya ɗaga murya a gaban ɗalibai, zan ce, "Ranka ya daɗe, na ji, ina roƙon mu ƙarasa maganar a ofis," sannan in wuce aji. Ta kuma rubuta cewa za ta bar gida ƙarfe bakwai saura kwata, domin ta sa hannu kafin a ja jan layi a littafin zuwa aiki, kada ta ba da ƙofar da za a shigo mata. Ta ƙara da sunan abokiyar aiki ɗaya da za ta fara gaisawa da ita, domin fuskar farko da mutum ya gani da safe tana da tasiri a kan sauran yinin.

Gida na uku shi ne wanda ya shafe mu a matsayin ƙungiya. A nan ta rubuta abin da ba nata ba ne ta warware: an yanke mata albashin kwana biyu ba tare da takarda ba, an kuma yi mata barazana a gaban shaidu. Wannan gida ba a yin tunaninsa ranar Lahadi ko kaɗan. Abin da ake yi shi ne a mayar da shi cikin wani littafi na musamman da ake ajiyewa a gida, ba a makaranta ba: kwanan wata, lokaci, wuri, abin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe shi, da waɗanda suka ji. A ajiye kwafin kowace takardar tuhuma da amsar da aka bayar. Sannan a sa ranar da za a kai wa wakilin ƙungiya, misali Laraba bayan an tashi. Ƙorafin da ya zo da kwanan wata da shaida yana da ƙafafun tsayawa, wanda ya zo da "kullum haka yake yi mini" kuwa iska ke ɗauke shi.

Kada mu manta cewa doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi da muzgunawa a wurin aiki, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2022. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar a cikin abubuwan da ake iya neman diyya a kansu. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya da aka kafa a 1931 domin irin wannan rana aka kafa ta, saboda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan an rufe takarda, sauran yammacin na gida ne. A goge kayan gobe, a rataye jaka a bakin ƙofa. A yi tattaki na minti 20, ko a kai ziyara gidan 'yan uwa. A rage shayi mai kauri da goro daga La'asar, domin rabin sinadarin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jiki bayan kimanin awa biyar. A daina leƙa saƙonnin makaranta a waya bayan Isha'i. Iyalanmu kuma, ga roƙonmu gare ku: idan kun ga maigida ko uwargida sun yi shiru ranar Lahadi, kada ku ce "ka cika damuwa" ko "ki yi haƙuri kawai". Ku tambaya ko an yi zaman takarda, ku janye yara na wannan ɗan lokaci, sannan ku jawo hira ta daban.

Wannan dabara tana da iyaka, kuma wajibi ne mu faɗe ta. Tana rage raɗaɗi, ba ta gyara mugun shugabanci. Alamar tana aiki ita ce bayan makonni uku ko huɗu barcin Lahadi ya daidaita, fargabar ta tsaya a wa'adinta. Alamar abin ya wuce nan ita ce zullumin ya fara tun Asabar, ko ya bi mutum har cikin dogon hutu. Ko a yi mako biyu cur ba barci, ba sha'awar abinci, ba jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa. Wanda ya kai nan ya ga likita, a auna masa hawan jini, ya kuma faɗi abin da ke damunsa ba kunya. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase yana nan kusa da mu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon ƙirji mai tsanani, ko tunanin cutar da kai, ba sa jiran Litinin: a tafi asibiti nan take, a kuma sanar da wani na kusa.

Idan littafin gida na uku ya cika, an kai ƙorafi ba a ga sauyi ba, to neman sauyin makaranta ba gudu ba ne, kuma reshe zai tsaya wa mai nema. Muna roƙon wakilan makarantu su buɗe kunne ga duk wanda ya zo musu da littafinsa, su kuma riƙe sirrinsa. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali, ya sa albarka a allinmu.