AMSA GA MAI SON KAI MATARSA GOYON CIKI DAGA LEGAS ZUWA KANO

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Ya ce amaryarsa tana da cikin fari, kuma a awon da ta je na baya-bayan nan an rubuta mata mako 29 a kati. Surukarsa ta aiko cewa a kawo yarinya gida goyon ciki, a wani ƙauye da ke bayan Bichi. Shi kuwa yana so a dakata kamar mako shida, sai ya karɓi kuɗin da yake bin mutane, sannan su taho tare. Tambayarsa ita ce, ko jijjigar mota za ta iya taɓa cikin, kuma me ya kamata su riƙo?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin in zo ɗakin watsa shiri sai da na zauna da wata unguwarzoma ta asibiti muka bi wasiƙar taka layi-layi, don haka ka gyara zama.

Bari mu fara da abin da ya fi damunka. In ciki lafiyayye ne, girgizar mota kaɗai ba ta zubar da shi, domin yaro yana kwance ne cikin ruwa, mahaifa kuma ta kewaye shi. Abin tsoro a tafiya shi ne matsala ta taso a wurin da babu mai taimako. Jini ya ɓalle ko naƙuda ta kama, alhali ana tsakiyar daji da ƙarfe biyun dare. Saboda haka in ana maganar nisa ga mai juna biyu, tambaya biyu ake yi: makon cikin nawa, kuma in abu ya faru awa nawa za a yi kafin a kai ta asibitin da ke da likita, da ɗakin tiyata, da jinin ƙari?

Yanzu sai lissafi, kuma ku yi mini haƙuri, wanda ya taɓa riƙe alli ba ya rabuwa da allo. A asibiti da mako ake ƙirga ciki, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma cikakken ciki mako 40 ne. Daga mako 37 haihuwa na iya zuwa kowace rana, ba a kuma kiran yaron bakwaini. Lokacin da ya fi dacewa da doguwar tafiya shi ne tsakanin mako 14 da mako 28, don a lokacin laulayi ya lafa, nauyi bai yi yawa ba, haɗarin ɓari ya ragu, naƙuda kuma tana nesa. Iyalinka tana mako 29, wato ta ɗan wuce wannan tsakani. In ka ƙara mako shida da kake so a jira, ta kai mako 35 ke nan. Mako biyu kacal ya rage ta shiga lokacin haihuwa, ga shi kuma lissafin kati kansa yakan kuskure da mako ɗaya ko biyu, musamman in ba a yi hoton ciki da wuri ba. Ni dai a ganina, in tafiyar nan ta zama dole, a yi ta cikin mako ɗaya ko biyu masu zuwa. Bashin da kake bi ba zai gudu ba. In ba za ka iya tashi ba, ka haɗa ta da yayarka ko wata babbar mace da ta san haihuwa. In kuwa aka yi sakaci har ta kai mako 35 ko 36, to gara Inna ta hau mota ta je Legas, a yi goyon cikin a can.

Amma kafin a sayi tikiti, a koma wurin awo a gaya masu za a yi tafiya. Za su auna hawan jini, su duba yawan jininta, su ji kwanciyar yaro. Akwai matan da za a ce masu su zauna inda suke: wadda ta ga jini a wannan ciki, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, mai hawan jini, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon sikila, mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta taɓa haifar bakwaini. In an ce kada ta je, to maganar ta ƙare, sai a ba surukai haƙuri.

Mu zo kan hanya. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, kuma duk wanda ya saba bin ta ya san yini da kwana ake yi a mota, wani lokaci har a ɗara. Likitocin mata sukan ba da shawarar kada mai ciki ta wuce awa biyar zuwa shida a mota a rana guda. Na san wannan da wuya ga talaka, amma aƙalla a raba tafiyar. In ta Lokoja za ku bi, a kwana a can ko a Abuja wurin 'yan'uwa, a huta, kashegari a kama hanyar Kaduna da Zariya da rana. Babbar bas ta dare ba ta dace da ita ba, don direba ba zai tsaya saboda mace ɗaya ba. Hawa bayan tirela kuwa, irin yadda wasu 'yan kasuwarmu ke yi in za su koma gida don su rage kuɗin mota, kada ma a kawo zancensa. A ƙaramar mota, ka daure ka biya kuɗin mutum biyu don ta samu wurin miƙe ƙafa, kuma ku yi magana da direba tun a tasha cewa za a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu.

Wannan tsayawa ba shagwaɓa ba ce. Jinin mai ciki yana saurin daskarewa fiye da na sauran mutane, ciki kuma yana danne jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafafu. In ta zauna a takure fiye da awa huɗu, gudan jini na iya taruwa a jijiyar ƙafa, in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. Maganinsa mai sauƙi ne: ta sauko ta taka na minti biyar ko goma, a cikin mota kuma ta riƙa juya idon sawu tana ɗaga yatsun ƙafa. Kuma ta sha ruwa. Matanmu suna da wata ɗabi'a ta ƙin shan ruwa a hanya don kunyar cewa a tsaya su yi fitsari. Wannan kunya tana jawo jiri da ciwon mara, sai kai maigida ka zama bakinta wurin direba. Alamar gudan jini ita ce ƙafa ɗaya ta kumbura fiye da ɗayar, bayan ƙwauri ya yi zafi da ciwo. Tana iya bayyana kwanaki bayan an sauka, don haka a gaya wa mutanen gida su lura. In haki ko ciwon ƙirji ya biyo baya, asibiti nan take.

Bel ɗin kujera kuma a ɗaura shi. Wasu na cewa yana matse yaro, alhali rashin iya ɗaurawa ne. Na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki, ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, na sama kuma ya ratsa tsakanin nonuwa ya bi ta gefen ciki. Kada ko ɗaya ya gitta kan tsakiyar cikin. In aka yi haɗari, ko da ƙarami ne, ko da ta ce ba ta ji komai ba, a kai ta a duba, domin mabiyiya na iya ɓanɓarewa daga jikin mahaifa jini yana zuba ta ciki ba a gani.

Ka ce a wasiƙarka jirgi ba naka ba ne. Duk da haka ka lissafa kuɗin kujera biyu, da na kwana, da na abinci, ka gwada da tikitin mutum ɗaya. Jirgi daga Legas zuwa Kano wajen awa ɗaya da rabi yake yi, kuma hawansa ba ya cutar da lafiyayyen ciki. Yawancin kamfanonin jirage suna ɗaukar mai ciki har wajen mako 36, mai tagwaye kuma har mako 32, kuma daga mako 28 sukan nemi takardar likita mai nuna makon ciki da ranar da ake sa ran haihuwa. Kowane kamfani da ƙa'idarsa, a tambaya kafin a biya, kada a je filin jirgi a dawo da ita.

Sai guzuri. Abu na farko shi ne katin awo, da takardar hoton ciki, da duk wata takardar gwajin jini. A sa su cikin leda a jakar hannunta, kada a cusa su cikin kayan da za a ɗaure a but. Da wannan kati ma'aikaciyar da ba ta taɓa ganinta ba za ta san makon cikin, da rukunin jininta, da allurar da aka yi mata, cikin minti ɗaya. Sai ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, waɗanda za su ishe ta har ta fara awo a can, da ruwan sha mai tsabta, da abincin da aka dafa a gida, kamar dafaffen ƙwai, ayaba, dabino da gyaɗa. A bar abincin bakin tasha da ya yini a buɗe, don gudawa a hanya tana saurin galabaitar da mai ciki. A riƙo garin gishiri da sukari na asibiti saboda tsaro. Masu tallar magani a tasha kuma a bar masu kayansu, wasu magungunan ciwon jiki ba su dace da tsohon ciki ba. A ƙara da zane uku ko huɗu wankakku, audugar mata, sabulu, sabuwar reza a cikin takardarta, da zare mai tsabta. Ba fata muke yi ba, amma an sha haihuwa a mota. Waya ta kasance da caji da kuɗi, sannan a ware wasu kuɗi daban waɗanda ba na mota ba ne, ba na tsaraba ba.

Ke kuma 'yar'uwa, in kina saurare, waɗannan alamu ba a yi masu kara: jini ko kaɗan ne, fashewar faya, ciwon mara ko na baya mai zuwa yana dawowa, matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, ko ki ji motsin yaro ya ragu. In ɗaya ya faru, ki faɗa, a nufi babban asibitin garin da ya fi kusa. Kada a ce bari a daure a isa gida.

Akwai kuma guntun tafiyar da ba ka ambata ba, wato daga bakin kwalta zuwa ƙauyen surukanka. Kada a ɗora ta a babur, a nemi mota ko da shata ce. Kuma ka tambayi kanka yadda za a fito da ita daga ƙauyen nan in naƙuda ta zo da dare ko ruwa ya cika rafi. Cikin fari yakan zo da doguwar naƙuda, wadda in an bar ta a gida take jawo yoyon fitsari ko a rasa yaron. Tun kafin ka koma Legas, ka kai ta da kanka ta yi rajistar awo a asibiti mafi kusa a makon da ta sauka, ka rataya mata gidan sauro, ka shirya da mai motar da za a kira ko ƙarfe nawa ne, ka kuma bar kuɗin man a hannun surukinka. In ƙauyen ya fi awa guda da babban asibiti, ka roƙi Inna su dawo gidan 'yan'uwa a cikin Bichi da zarar ta shiga mako 36.

Allah ya sauke ta lafiya. Wasiƙar mai tambaya kan tsutsar masara kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.