Rubuta take da bayanin bidiyo kan addini da lafiyar ƙwaƙwalwa

Kafin wani mutum ya kalli bidiyon da aka ɗora a YouTube, na'urar kamfanin ta riga ta duba takensa da hoton bangonsa da bayanin da ke ƙarƙashinsa. Abin da ta tsinta a nan yakan jawo hukunci iri uku, kuma galibi ana ganinsa a YouTube Studio, a layin Restrictions. Alamar dala ruwan ɗorawa na nufin an rage talla ko an hana shi. Taƙaita shekaru na hana ƴan ƙasa da 18 kallo, da duk wanda bai shiga da asusunsa ba. Mafi tsanani shi ne cire bidiyon baki ɗaya.

A ɗauki misalin ma'aikacin lafiya a Maraɗi da ya yi bayani kan tsananin damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa, domin masu kallo na Tibiri da Jiratawa. Idan ya sa take kamar "Ta kashe kanta! Kalli yadda ta yi", tare da hoton igiya ko kwalbar fiya-fiya, ya siffanta darasinsa da kamannin abin da dokar YouTube ta hana, wato nuna hanyar hallaka kai. Take ba ya wuce harafi 100, amma sun isa a rubuta "Alamomin damuwa bayan haihuwa da inda ake neman taimako". Layuka biyun farko na bayani su faɗi wanda yake magana, da aikinsa, da waɗanda aka yi bidiyon dominsu, a kuma ambaci asibitin da za a je. Maimaita wannan da Faransanci yana da amfani, domin ba lalle ma'aikacin YouTube da zai duba bidiyon ya ji Hausa ba. Hanyar hallaka kai kuwa, ba a faɗarta ko a take ko a baki. Wannan kariya ce ga matar da ke kallo cikin ƙunci, tun kafin a zo batun na'ura.

Dokar YouTube tana sassauta wa abin da aka yi don ilimantarwa, amma a batutuwa masu nauyi rubutu kaɗai ba ya wadatarwa. Malamin da ya sa guntun jawabin mai tsattsauran ra'ayi don ya yi masa raddi, dole raddin ya fito a muryarsa cikin bidiyon, kusa da guntun. Takensa ya ambaci littafi da babi ko sura, ba kafirta wata ƙungiya ba.

Sauya haruffa don ɓoye kalma ba ya kare bidiyo, sai dai ya ɓatar da mai nemansa. Idan an taƙaita bisa kuskure, ana ɗaukaka ƙara daga Studio. Dama ɗaya ce, don haka a ambaci minti da daƙiƙar da bayanin ilimi yake.