Sulusin Albashi: Iyakar da Ta Kamata Ta Jagoranci Bai wa Ma'aikaci Bashi

 

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ya fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, domin kuɗin haya da na makaranta da na asibiti ba sa jiran ranar biya. Shi ya sa kusan kowace ma'aikata ke da hanyar taimaka wa ma'aikatanta, ko dai da adibas ko da rance. Abin da nake so mu tsaya a kansa yau tambaya ɗaya ce da ake yawan mantawa da ita a lokacin sa hannu: bayan an cire abin da za a cire, nawa zai rage wa mutumin nan ya kai gida? Daga amsar wannan tambaya sauran sharuɗɗan suke fitowa.

Mu fara da bambanta abubuwa biyu. Adibas shi ne a ba ma'aikaci wani ɓangare na albashinsa kafin lokacin biya ya yi. Rance kuwa kuɗin ma'aikata ne da take ara masa don wata babbar buƙata, kamar haya ko sayen babur, ya riƙa biya a hankali. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 4, ta yi magana ƙarara a kan adibas. Ta ce kada ya wuce albashin wata ɗaya. Ta ce kada a karɓe shi a ƙasa da wata uku, wato ba a yarda a ba mutum yau a kwashe duka a ƙarshen wata ba. Ta hana ɗora ruwa ko wani caji makamancinsa a kai. Ta kuma hana ƙara wa wanda bai gama biyan na baya ba, sai in larura ta kama. Sashe na 5 kuma ya kawo iyakar da na ɗauko a matsayin kan wannan lacca: jimillar abin da za a cire daga albashin ma'aikaci a wata guda kada ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku.

Akwai abin lura a nan. Ma'anar da dokar ta bai wa kalmar ma'aikaci a sashe na 91 ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Ba ta haɗa da masu riƙe da shugabanci ko aikin ƙwararru ba. Waɗannan, abin da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu da ƙa'idojin ma'aikata shi ke kare su. Shawarata ita ce kowace ma'aikata ta rubuta iyakar sulusin nan a cikin ƙa'idojinta, ta hau kan kowa, daga masinja har darakta.

Bari mu ɗauki misali. Direba ne, albashinsa naira 120,000 a wata. Sulusinsa naira 40,000 ke nan. Amma kafin a ce komai, sai akanta ya buɗe takardar albashinsa. A can zai tarar ana cire masa, mu ce, naira 12,000 na fansho da kuɗin ƙungiya, da kuma naira 10,000 na bashin ƙungiyar gama kai. An riga an ci naira 22,000 daga sulusin, saura naira 18,000. Wannan ragowar ita ce ainihin ƙarfin direban nan na biyan sabon bashi, ba albashin da ke rubuce a sama ba.

Yanzu ya zo neman adibas na naira 90,000, matarsa na asibiti. Kuɗin bai wuce albashin wata ɗaya ba, don haka ya cika sharaɗin farko. Sai dai in aka raba shi wata uku, za a riƙa cire naira 30,000, jimillar cirewa ta zama naira 52,000, an ƙetare iyaka da naira 12,000. Mafita biyu ce: ko a ba shi duka ya biya cikin wata biyar a kan naira 18,000, ko a ba shi naira 54,000 ya biya cikin wata uku. Wata ukun da doka ta ambata mafi ƙaranci ne, ba ta hana a tsawaita ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne kowane mai cirewa ya lissafa nasa sulusin shi kaɗai. Ofis ya ɗauki nasa, ƙungiya ta ɗauki nata, banki ya ɗauki nasa daga asusu. Alamar ba ta ɓuya: za ku ga mutum yana neman sabon adibas tun ranar 10 ga wata, yana cin wani bashi don biyan wani.

Da wannan lissafin ake gane wanda ya cancanci rance. In direban nan na son naira 360,000 don haya, zai ɗauki wata 20 yana biya. To, an tabbatar da shi a aiki, ko har yanzu yana lokacin gwaji? In na kwantiragi ne, ko ritaya ta gabato, wata nawa suka rage masa? Wanda saura masa wata 10, iyakarsa naira 180,000. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Zalunci shi ne a ba mutum abin da aka san ba zai iya biya ba, kuma ya fi muni in dalilin bayarwar sanayya ce da shugaba.

Sai batun kasa biya. Muddin mutum na bakin aiki, bashin na biyan kansa daga albashi. Matsala tana tasowa ne ranar da ya ajiye aiki, ko aka sallame shi, ko rai ya yi halinsa. A misalinmu, in ya tafi bayan wata 8, ya biya naira 144,000, saura naira 216,000. Daga ina za a karɓa? Dole yarjejeniyar da ya sa wa hannu tun farko ta faɗa: daga kuɗin sallamarsa, sannan daga waɗanda suka tsaya masa, sannan kotu. Kada ma'aikata ta sa rai da asusun fanshonsa, domin Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ba wannan asusu kariya, ba wurin da mai aiki zai ɗebi bashinsa ba ne.

Ga masu tsaya wa wani kuma, ina da jan hankali. Sa hannun nan alkawarin biya ne, ba shaida ba ce kawai. Kafin ka tsaya wa abokinka, duba naka sulusin. Ita ma ma'aikata ta ƙayyade yawan mutanen da mutum ɗaya zai tsaya wa, ta kuma sanar da shi a rubuce tun watan farko da biya ya tsaya, ba sai ya ga albashinsa ya ragu ba. In kuwa rasuwa ce, a addinin Musulunci ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin rabon gado. Amma ma'aikatar da ke da niyyar yafewa ta rubuta hakan tun yanzu, kada a bar marayu da jiran ra'ayin shugaba.

Roƙona gare ku, masu sa hannu a kan takardun nan, shi ne gobe in wani ya kawo muku buƙata, ku nemi takardar albashinsa ta watan jiya kafin ku ɗauki biro. Ku raba albashin gida uku, ku tabbata kashi biyu sun isa gidansa. Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa kowa bashinsa.