Amsoshin Wasiƙunku: Zan Iya Mayar Da Motar Haya Kafin Wa'adi?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu a Gehuru, cikin Jihar Kebbi. Ya ce ya karɓi mota a hannun wani dila bisa sharaɗin biya wata-wata, yana jigilar albasa tsakanin Aliero, Jega da Maiyama. Yanzu lodi ya ja baya, yana so ya mayar da ita. Shin za a bi shi wani abu?

To, malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko ɗauko takardar da ka sa wa hannu. In haya ce zalla, wato mota za ta koma wa mai ita in wa'adi ya cika, to abin da takardar ta ce shi za a bi, kuma sau da yawa sai an caje ka wani kaso na watannin da suka rage. Amma yadda ka bayyana, taka haya ce wadda ƙarshenta mallaka. Irin wannan tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1965, wadda ta ba ka damar janyewa kafin biyan ƙarshe, muddin ka sanar a rubuce. Sai dai dole ka biya bashin watannin da ake bin ka, ka kuma cika rabin jimlar kuɗin motar, sai fa in takardarku ta yanka ƙasa da haka.

Mu yi lissafi da alƙalumanka. Ka ce jimla Naira miliyan 6 ce, ka ba da kafin alƙalami miliyan 1, sauran kuma dubu 200 duk wata har wata 25. Ka biya wata 6, ana bin ka na bakwai. Ke nan ka zuba miliyan 2 da dubu 200, rabi kuwa miliyan 3 ne. In ka mayar yau, sai ka kawo dubu 800, ka tafi ba mota. In kuwa ka daure har ka biya wata na 10, dubu 800 ɗin nan dai za ka biya, amma mota na hannunka tana aiki wata 3, sannan ka mayar ba a bin ka cikon komai. Ka ga gaggawa ba ta rage maka ko kwabo ba.

Sai dai riƙe motar yana da nasa haɗari. A ce, Allah Ya kiyaye, ta ƙone ko an sace ta gobe. Inshorar nan mai araha da doka ta wajabta, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan motarka. Cikakkiyar inshora kuwa darajar mota a kasuwa ranar da abin ya faru take dubawa, ba bashin da ke kanka ba. In an kimanta ta miliyan 3 da dubu 300, alhali saura miliyan 3 da dubu 800 a kanka, to ga giɓin dubu 500 nan. A Amurka da Birtaniya akwai inshora ta daban da ake saye don toshe irin wannan giɓi. Kai ma ka tambayi kamfanin inshora ko na takaful ko suna yin ta. In babu, ku rubuta da dila tun yanzu wa zai ɗauki giɓin.

Saura batun ɓarna, wadda ake lissafawa ranar mayarwa, ko ka janye ko wa'adin haya ya cika. Dusashewar fenti da cinyewar taya daidai da tafiyar da aka yi, wannan tsufa ne, ba a cajin sa. Amma fasasshen gilas, yagaggiyar kujera, sifirin da lodi ya karya, ko injin da ya buga don rashin canjin mai, wannan sakaci ne, kuma dokar ta ce za ka biya. Saboda haka ka gyara abin da za ka iya wurin bakanikenka, don yakan fi sauƙi. Ka tara rasidin gyara. Ranar miƙawa ka je da bakanike da shaida, a ɗauki hoton ko'ina har da lambar tafiya da ke jikin mita, a rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Kada ka aje makulli wurin yaron shago ka juya, don wannan ba sanarwa ba ce.

Da fatan ka gamsu. Allah Ya kawo kasuwa. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.