Ninka kafin ka raba

Ƙwaƙwalwar ATmega328P da ke cikin Arduino Uno ba ta da sashen lissafin ɗigo. Duk lissafin gutsure da manhaja take yin sa, yana cin lokaci da wuri. Mafita ita ce a sauya ma'auni: maimakon bolt 2.93, a ƙirga milibolt 2930.

A ce na'urar awo ta ba da 600, a ma'aunin 0 zuwa 1023 mai iyakar bolt 5. Ana ninkawa da 5000, a raba da 1024. Wanda ya fara da rabawa, 4.88 za ta koma masa 4, ya samu 2400, kuskure babba.

Ninkawar ma tana da tarko. A wannan ƙwaƙwalwa `int` ba ya wuce 32767, alhali sakamakon miliyan 3 ne. Karatu na kaiwa 7 ya yi ambaliya, sai ka ga lambobi suna tsalle, wasu har ƙasa da sifili. Don haka a yi ninkawar cikin `uint32_t`, a ƙara 512, wato rabin 1024, sannan a raba. Amsar 2930 ce; ba don ƙarin nan ba, da 2929 ta fito.

Kafin ku amince da lissafinku, ku gwada shi da 1023.