Rage Kuɗin Wuta a Shagon Yamai

Yau magana ce kan takardar NIGELEC da ke ɗaga wa masu shaguna hankali, musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40.

Mu ɗauki mai shago a Wadata da ke da dogayen fitilu goma masu wat 36, yana kunna su awa 12 kullum. In ya sauya su da LED masu wat 18, ya rage kusan kilowat-awa 65 a wata. Sai dai a kula, LED mai arha da ke ƙyafƙyafta ko ɗaukar zafi ba ya daɗewa, kuɗin ne kawai za su bi ruwa.

Batun sauya lokacin aiki kuwa, in mitarka farashi ɗaya take lissafawa dare da rana, jinkirta aiki kaɗai ba ya rage ko dala. Ribar tana ga firiza. A loda mata ruwan ƙanƙara da dare, lokacin da gari ya yi sanyi, injinta zai daskarar da shi ba tare da dogon gurnani ba. Da rana a rage buɗe ta, a janye ta daga bango, a kakkaɓe ƙurar bayanta. In aka ɗauke wuta da azahar, sanyin da ta tara zai riƙe kaya, ba sai an tayar da janareta an ƙona fetur ba.

Don tabbatarwa, rubuta lambar mita kowace safiya, mako guda kafin sauyin da mako guda bayansa, ka kwatanta.