Makaranta mai dubu 45 da mai dubu 70: wacce ta fi araha?

Yau lissafi za mu yi, don haka wanda ke da biro kusa ya ɗauko.

Kafin a koma makaranta a watan Satumba, yayata da ke zaune Mabera ta kira ni. Ɗiyarta za ta shiga aji ɗaya na firamare, kuma ta ga makarantu biyu. Ɗaya can wajen Arkilla, naira 45,000 a zango. Ɗayan nan bayan layinsu, naira 70,000. Ta riga ta yanke hukunci: "Ƙanena, mai arahar za mu kai ta." Na ce mata, "Yaya, dakata. Dubu arba'in da biyar ɗin, kuɗin mi da mi ne?" Shiru. Ba ta tambaya ba, su ma ba su faɗa ba.

Washegari muka je ta Arkilla, na roƙi mai karɓar kuɗi ya rubuta mini duk abin da uwa za ta biya daga ranar shiga har ƙarshen zango na uku. Shekara guda cur, domin wasu kuɗaɗen sau ɗaya ake biyansu, wasu kuma kowane zango suke dawowa.

To ga abin da ya fito. Kuɗin makaranta sau uku, 135,000. Kuɗin jarrabawa 3,000, na ƙungiyar iyaye da malamai 2,000, na lesin bayan tashi 5,000, duka a kowane zango, wato 30,000 a shekara. Littattafai 30,000. Yunifom kala biyu da kayan wasanni 18,000, kuma dole a wurinsu za ka saya, ba ka da damar kai yadi wurin telanka. Bikin ƙarshen shekara 7,000. Fom da kuɗin shiga 20,000. Ku tara: naira 240,000.

Muka dawo ta Mabera. Sau uku na 70,000 ya ba da 210,000, kuma suka ce jarrabawa da lesin da littattafai duk suna ciki. Yunifom 20,000, fom 5,000. Ya kama 235,000. Yaya har ta fara murmushi.

Amma nan ne wurin da nake son ku saurara da kyau. Kalmar "yana ciki" tana da yaudara. Na ce wa shugabar makarantar, "Hajiya, littattafan da ke ciki, waɗanne ne? A nuna mini." Sai aka kawo littattafan rubutu guda goma. Na karatu fa, Turanci da lissafi da sauransu? Wannan daban, 25,000. Ba ƙarya ta yi mana ba, ta dai faɗi rabi ne. Jimla ta koma 260,000. Na kuma tambaya ko irin waɗanda yaro ke cike amsa a ciki ne, domin in haka ne ƙanenta ba zai gaje su ba, baɗi sai an sake saye.

Kun ga ke nan, bambancin da a ido ya kai 75,000 a shekara ya sauko zuwa 20,000 kacal.

Saura abin da babu shi a takardar kowace makaranta: hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a garin nan ya san yadda kuɗin keke da kabu-kabu suka koma. Mai keken da muka yi ciniki da shi ya ce 600 kullum, kai da ɗauko daga Mabera zuwa Arkilla. Zango yana da kwanakin karatu wajen 60. Wato 36,000 a zango, 108,000 a shekara. Makarantar "araha" ta tashi 348,000. Ta bayan layi kuwa da ƙafa yarinya za ta je.

Wani zai ce, to ai mai karɓar kuɗi zai iya mantawa da wani abu, ko ya ɓoye. Haka ne. Shi ya sa muka nemi wata maƙwabciya da ɗanta ya yi aji ɗaya a can bara, ta ɗauko mana rasit-rasit ɗinta. Abin da muka gani wanda ba a faɗa mana ba shi ne 4,000 na yawon buɗe ido, sai kuma cewa an ƙara kuɗi a zango na biyu. Don haka muka koma muka tambaya ko farashin da aka ba mu zai tsaya har ƙarshen shekara, muka ce a rubuta a sa hannu.

In yaronku ajin ƙarshe zai shiga, ku ƙara tambaya ɗaya: kuɗin rajistar WAEC ko NECO nawa ne, nawa hukumar ke karɓa, nawa makaranta ta ɗora a kai, kuma na mene ne.

Yaya dai ta kai ɗiyarta ta Mabera, ta biya zangon farko, takardar nan mai sa hannu tana ajiye cikin jakarta. Wanda ke da rasit ɗin bara ya duba ya faɗa mana abin da ya tarar. Sai mun haɗu a shiri na gaba.